Kilomita 3.2 ko 4.5? Yadda muka tantance amsoshin wani aikin taswira a Daura

Ni ne ke kula da sashen labarin ƙasa a wata makarantar sakandare da ke cikin garin Daura, kuma daga cikin aikina akwai duba takardun gwajin da malaman sashen suka yi wa maki kafin a shigar da sakamako. A zangon karatu na biyu wata malama da ba ta daɗe da zuwa ba ta ba 'yan aji biyu na babbar sakandare aikin karanta taswira. Ɗalibai 52 ne suka yi aikin. Tambayoyin irin waɗanda aka saba gani ne a jarrabawar WAEC da NECO: a faɗi nisan da ke tsakanin makaranta da kasuwa a miƙe, a faɗi nisansu ta hanyar mota, sannan a rubuta lambar girid mai alƙaluma shida ta wata rijiya da ke tsakaninsu.

Abin da ya kawo takardun gabana da wuri shi ne ƙorafin wata ɗaliba. Bayan an tashi tara ta tsaya a bakin ofis da takardarta a hannu, ta gaishe ni, ta ce, "Malam, na auna sau uku, kilomita huɗu da rabi nake samu, amma an kashe mini." Na karɓa na duba. Ta rubuta kilomita 4.5, an ja mata jan biro, an rubuta 3.2 a gefe. A jikin taswirarta babu lissafi ko ɗaya, sai wata 'yar tsagin takarda da ta maƙala, mai ɗauke da ɗigo biyu na fensir.

Na nemi Malama ta zo da takardar amsoshinta da sauran takardun ajin. Ta zo, kuma ta yi mini bayani ba tare da ɓoye komai ba. Ta ɗora rula daga makaranta zuwa kasuwa, ta sami santimita 6.4. A ƙasan taswirar an rubuta 1:50,000, ma'ana santimita ɗaya a takarda daidai yake da santimita 50,000 a ƙasa, wato mita 500 ko rabin kilomita. Ta ninka 6.4 da rabi, ta sami 3.2. Na ɗauki rulata na auna, 6.4 ɗin na samu. Na bi lissafin, babu kuskure a cikinsa. Ɗalibai 31 ma haka suka samu, ko wani abu kusa da haka. Bakwai ne kawai suka rubuta 4.5 ko 4.6.

A nan ne mai dubawa ke iya zamewa. Idan malama da yawancin aji suka haɗu a kan amsa ɗaya, kuma kai ma ka maimaita ka sami ita, zuciya takan kwanta. Amma maimaita hanyar da aka bi ba tantancewa ba ce. In akwai matsala a tushen hanyar, ko sau goma ka bi ta wuri ɗaya za ta kai ka. Don haka na ajiye rular, na nemi nisan ta hanyar da ba ta buƙatar rula ko lambar 1:50,000.

Taswirar tana da layukan girid, waɗanda suka yanka ta gida-gida. Layukan tsaye lambobinsu na ƙaruwa in ana tafiya gabas, kuma a wannan taswirar sun tashi daga 18 zuwa 34. Layukan kwance lambobinsu na ƙaruwa in ana tafiya arewa, daga 56 zuwa 67. Kowane gida kilomita ɗaya ne a tsawo da faɗi. Na karanta wurin makarantar da ido, na sami 243615. Kasuwar kuma 279642. Ga yadda ake warware su: alƙaluma ukun farko na gabas ne, ukun ƙarshe na arewa. Makaranta tana kan 24.3 gabas da 61.5 arewa, kasuwa tana kan 27.9 gabas da 64.2 arewa. To, daga makaranta zuwa kasuwa an matsa kilomita 3.6 gabas, an kuma matsa kilomita 2.7 arewa.

Tun a nan magana ta ƙare, ko ba a ƙara wani lissafi ba. Na ce wa Malama ta dubi 3.6 ɗin nan. Wanda zai je wurin da ke kilomita 3.6 gabas da shi, kuma wurin ya karkata arewa, ba yadda za a yi tafiyarsa ta gaza 3.6. Haka kuma a miƙe ba za ta wuce 3.6 a tara da 2.7 ba, wato 6.3, domin wannan ita ce tafiyar wanda ya miƙe gabas tukuna sannan ya juya arewa. Duk amsar da ke daidai dole ta faɗo tsakanin 3.6 da 6.3. Amsar 3.2 tana waje. Malama ta yi shiru na ɗan lokaci, tana bin layukan da yatsa tana ƙirga gidajen, sannan ta ce, "Wallahi haka ne, Malam. To ina matsalar take?"

Kafin mu je ga matsalar na kammala lissafin da dokar Pythagoras, tunda gabas da arewa sun haɗu a kusurwa madaidaiciya. Idan aka ninka 3.6 da kansa za a sami 12.96, 2.7 da kansa kuma 7.29. Jimla 20.25. Lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 20.25 ita ce 4.5. Amsar yarinyar ke nan.

Sai na ɗora rula a kan gidan girid guda ɗaya. A taswirar da ke kan 1:50,000 kilomita ɗaya santimita 2 ne cif, don haka kowane gida ya kamata ya zama santimita 2. Abin da na gani santimita 1.4 ne da ɗan burbushi. Na tambayi Malama inda ta samo takardun. Ta ce asalin taswirar babbar takarda ce, A3, guda ɗaya tal ke gare mu a sashen, sai ta kai shagon fotokofi a buga wa kowane ɗalibi. Mai shagon ya ce ba shi da babbar takarda, amma zai iya matse ta ta shiga A4 ba tare da an yanke komai ba. Ta duba ta ga kowane rubutu ya fito, ta amince.

Gaskiya ne ba a yanke komai ba, amma komai ya ƙanƙance. Mayar da A3 zuwa A4 yana rage kowane tsayi zuwa kusan kashi 71 cikin ɗari na asalinsa. Layin da yake santimita 9 a asalin taswirar ya koma 6.4. Hanyoyi sun gajarce, gidajen girid sun tsuke, sandar ma'auni da ke ƙasan taswirar, wato layin da aka yi wa alamun kilomita, ita ma ta tsuke tare da su. Abu ɗaya ne bai canza ma'ana a ido ba, shi ne rubutun 1:50,000. Haruffansa sun ƙanƙance, amma har yanzu abin da yake faɗa kenan, alhali takardar da yake kai ta daina zama 1:50,000. Yarinyar ba ta san da wannan duka ba. Ita dai ta sa gefen takarda tsakanin wuraren biyu, ta ɗiga alama, ta kai kan sandar ma'auni ta karanta. Da yake sandar da taswirar tare suka tsuke, amsarta ta fito daidai.

Don mu san ainihin ma'aunin takardar da ke hannun yara, ban dogara da gida ɗaya ba, saboda kuskuren rabin milimita a kan santimita 1.4 ba ƙarami ba ne. Na auna gidaje goma a jere, daga layi 20 zuwa layi 30, na sami santimita 14.1. Kilomita goma santimita 1,000,000 ne. A raba shi da 14.1, za a sami kusan 71,000. Ke nan takardar ta koma kimanin 1:71,000, kowane santimita yana wakiltar mita 710. Na sake aunawa daga ƙasa zuwa sama, layi 56 zuwa 66, na sami 14.1 ɗin dai. Wannan awon na biyu ba ɓata lokaci ba ne. Taswirar da aka ɗauka da kyamarar waya aka buga, ko aka ja gefenta a kwamfuta don ta cika shafi, tana iya miƙewa ta ɓangare ɗaya fiye da ɗayan, kuma in haka ta faru ko sandar ma'auni ba za ta cece ka ba, sai dai a sake bugawa. Tamu ta tsuke daidai ta kowane gefe. Muka ninka 6.4 da 0.71, muka sami 4.5 da 'yan kai. Hanya uku ke nan sun haɗu: girid, sandar ma'auni, da rula a kan ma'aunin da aka gyara. Daga baya na ɗauko asalin taswirar daga kabad, rula ta ba da santimita 9, rabinsa 4.5.

Sauran amsoshin da suka kauce kowace tana da labarinta, kuma ana gane ta daga siffar lambar. Shida sun rubuta 32 ko 320. Waɗannan sun ninka 6.4 da 50,000 sun sami 320,000, sai suka rikice wajen mayar da santimita zuwa kilomita, inda ake rabawa da 100,000. Da yaro zai ɗaga kai ya ƙirga gidaje, zai ga faɗin taswirar gaba ɗaya kilomita 16 ne. Daga Daura zuwa Katsina a mota kusan kilomita 80 ne, ta yaya makaranta da kasuwar gari ɗaya za su ninka wannan sau huɗu? Uku kuma sun rubuta 3.5, kuma Malama ta ba su rabin maki saboda suna kusa da 3.2. A gaskiya su ne suka fi kusa da hanyar da ta dace. Da sandar ma'auni suka yi aiki, sai dai sun fara daga ƙarshen sandar na hagu. Sifili ba a can yake ba. Akwai kilomita ɗaya a hagun sifili wanda aka yayyanka ƙanana don karanta ɗaruruwan mita. Wanda ya fara daga can zai rasa kilomita ɗaya cif, 4.5 ya koma 3.5. Yadda ake yi shi ne a sa alamar dama a kan cikakkiyar lamba, a nan 4, sai alamar hagu ta faɗa cikin ƙananan yankan, a karanta mita 500.

Tambayar hanyar mota ba ta ɗauke mu lokaci ba. Na kwantar da zare a kan hanyar, ina danne shi da farce a kowace kwana, na miƙar da shi a kan rula: santimita 8.2. Malama ta rubuta kilomita 4.1 a takardar amsoshi, amsar da ta dace kuwa 5.8 ce. A nan girid ba ya ba da amsa kai tsaye, amma yana sa iyaka: hanya mai lanƙwasa ba ta taɓa fin layi miƙaƙƙe gajarta, don haka duk abin da ya gaza 4.5 ya faɗi. Zare kuma yana ɗan miƙewa, hannu ma ya bambanta, shi ya sa muka karɓi daga 5.6 zuwa 6.0. Wanda ya ƙi karɓar 5.7 saboda shi 5.8 ya samu, yana hukunta yaro ne a kan kaurin fensir, domin milimita ɗaya a wannan takardar mita 70 ne.

Inda muka fi daɗewa shi ne rijiyar. A ƙa'ida rage girman takarda ba ya taɓa lambar girid, tunda wurin yana nan a gidansa, kuma matsayinsa a cikin gidan bai gusa ba. Amma takardar amsoshi ta ce 265632, ni kuma da na duba na ga 268633. Rijiyar tana cikin gidan da layi 26 ya yi wa iyaka ta yamma, layi 63 ta kudu, wato gida 2663. A kan wannan mun yarda. Saɓanin yana kan alƙalami na uku da na shida, waɗanda ake samu in an raba gidan kashi goma.

Malama ta koya wa yaran wata dabara: ka auna milimita daga layi zuwa wurin, ka raba biyu. Dabara ce mai kyau a kan asalin taswirar, domin gida milimita 20 ne, kowane kashi ɗaya cikin goma milimita 2. A kan wannan takardar kuwa gida milimita 14 ne, kowane kashi milimita 1.4. Rijiyar tana milimita 11.5 gabas da layi 26. A raba biyu, an sami 5 da ɗori. A raba da 1.4, an sami 8 da ɗan kaɗan. Ta arewa tana milimita 4.5 sama da layi 63, wanda ya ba ta 2 maimakon 3. Ido kaɗai ya isa ya kama wannan. Alƙalami 5 yana nufin tsakiyar gida, rijiyar kuwa ga ta nan ta kusa jingina da layi 27. Na ce ta rufe rular ta faɗa mini ko rijiyar ta wuce rabin gida. Ta ce ta wuce nesa ba kusa ba. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da suka kimanta da ido suka rubuta 268633, ko 267633, an kashe musu, waɗanda suka bi rula ba tare da sun dubi taswirar ba an ba su.

Akwai kuma kurakuran da ba ruwansu da fotokofi. Tara sun rubuta 633268, sun fara da arewa. Gane wannan ba wuya: lambobin layukan tsaye sun tsaya a 34, to duk amsar da ta fara da 63 ba ta cikin taswirar ma. Huɗu sun fara da 27 ko sun sa 64 a tsakiya, saboda sun ɗauki layin da ya fi kusa da rijiyar ko wanda ke samanta. Sunan gida daga kusurwarsa ta kudu maso yamma yake fitowa, wato ƙasa ta hagu, ko da wurin ya manne da ɗaya gefen. Gwajin da nake yi wa kowace amsa mai alƙaluma shida shi ne in cire na uku da na shida in ga abin da ya rage. Daga 268633 saura 2663. In abin da ya rage ba gidan da wurin yake ba ne, ba sai na duba sauran ba.

Ita ma hanyar girid da na dogara da ita tana da iyakarta, kuma na faɗa wa Malama haka don kada ta ɗauke ta maganin komai. Lamba mai alƙaluma shida ba ɗigo take nunawa ba, fili ne mai mita 100 a tsawo da faɗi, don haka nisan da aka lissafa daga lambobi biyu zai iya kaucewa da mita ɗari ko fiye kaɗan. Ya isa ya raba 3.2 da 4.5, bai isa ya raba 4.5 da 4.6 ba. Sannan dole a tabbatar gidan kilomita ɗaya ne, ta hanyar gwada gefensa da sandar ma'auni, domin wasu taswirorin darasi malami ne ke ja musu layuka da hannu kawai don koyar da karanta lamba. Tsofaffin taswirori kuma sukan zo da sanda biyu, ɗaya ta mil ɗaya ta kilomita. Wanda ya kawo 2.8 a wannan tambayar, a duba ko sandar mil ya karanta.

Da muka zo sake rabon maki ra'ayinmu ya ɗan bambanta. Malama ta so a soke aikin gaba ɗaya a sake sabo, ta ce kunya take ji. Ni ban ga dalilin zubar da aikin da ya nuna mana abin da kowane yaro ya iya ba. A tambayoyin nisa, wanda ya kawo 4.5 da 5.8 ya sami cikakken maki. Wanda ya kawo 3.2 da 4.1, kuma ya nuna awonsa da lissafinsa, shi ma na ce a ba shi cikakke, domin ya yi abin da aka koya masa da lambar da muka buga masa a takarda, laifin namu ne. Masu 32 da 320 makin awo kaɗai suka samu. Masu 3.5 an bar musu rabin makinsu, amma an rubuta musu ainihin dalilin. A kan rijiyar, 268633 ce amsa, tare da sassaucin alƙalami ɗaya sama ko ƙasa a gurbi na uku da na shida. Masu 265632 Malama ta roƙa musu cikakken maki, ta ce, "Malam, ni na koya musu raba biyun." Na amince da rabi saboda sun sami gidan daidai, amma ban kai ga cikakke ba, domin a nan taswirar ba ta ruɗe su ba, rijiyar tana gabansu a inda take. Ba ta gamsu sosai ba, kuma na fahimci dalilinta. A haka muka tsaya.

Ranar Litinin Malama ta shiga ajin da asalin taswirar da kuma kofin, ta manna su a allo kusa da juna, ta faɗa wa yaran abin da ya faru da bakinta. Ta sa kowa ya auna gidaje goma a takardarsa, ya soke 1:50,000 da fensir, ya rubuta abin da ya samu. Yawancinsu sun faɗo tsakanin 1:70,000 da 1:72,000. Yara biyu suka sami abin da ya yi nisa da haka, da aka duba sai aka ga rularsu ta gutsure a baki, daga gefen roba suke farawa maimakon daga sifili. Yarinyar da ta kawo ƙorafi makinta ya tashi daga 4 zuwa 9 cikin 10. Makin da ta rasa na hanyar mota ne, inda ta tsallake wata kwana kusa da kasuwa ta sami 5.4.